Idan inshora ta ce ba ta biyan maganin da likita ya rubuta

Mutum ya ga likita, an auna shi, an rubuta masa magani. Ya isa kantin magani ya miƙa katin inshorar lafiyarsa, mai harhaɗa magunguna ya danna kwamfuta, ya ɗago kai ya ce, "Wannan ba ya cikin waɗanda inshorarka take biya." A daidai wannan gaɓa yawancin mutane ɗayan biyu suke yi. Ko su cije su zaro kuɗi su biya farashin maganin gaba ɗaya, ko su juya su koma gida hannu rabbana, su ce sai wani jiƙon. Duka biyun garaje ne, domin maganar "ba ya ciki" ba ma'ana ɗaya take da ita ba. Tana iya nufin abu uku ko huɗu daban-daban, kuma kowanne da hanyar da ake bi a warware shi.

Zan yi bayanin ne da tsarin Amurka, musamman Medicare, inshorar gwamnati ta masu shekara 65 zuwa sama da wasu masu naƙasa, wadda sashenta na magunguna mai suna Part D ya fara aiki a shekarar 2006. A can ne aka fi rarraba magunguna aji-aji, a can ne kuma aka rubuta ƙa'idojin neman sassauci da ɗaukaka ƙara dalla-dalla, har da adadin sa'o'in da kamfani zai ɗauka kafin ya ba da amsa. Muna da iyaye da 'yan uwa da yawa da suke zaune a can suna fama da wannan tsari. Wanda kuma ya fahimce shi, ba zai sha wahalar gane na gida Najeriya ba, wanda zan taɓo daga baya.

Kowane kamfanin inshora yana da jerin magungunan da ya amince zai biya kuɗinsu. A shafin kamfanin na intanet, ko a littafin da yake aiko wa mutum kowace shekara, ana ganin jerin da sunan `Formulary` ko `Drug List`. Ba jerin duk magungunan da gwamnati ta yarda a sayar ba ne. Magani yana iya zama ingantacce, hukuma ta amince da shi, likitoci suna rubuta shi kullum, amma babu shi a jerin wani kamfani, alhali yana cikin jerin kamfanin da ke maƙwabtaka da shi.

Dalilin yin jerin ba ɓoyayye ba ne. A cututtuka da yawa, akwai magunguna biyar ko takwas 'yan dangi ɗaya da suke aiki iri ɗaya a jiki, amma farashinsu ya yi hannun riga. Idan asusun da jama'a suka tara kuɗi a cikinsa zai riƙa biyan mafi tsada duk lokacin da aka rubuta shi, ba zai daɗe ba zai ƙare, ko kuma a ƙara wa kowa kuɗin da yake zubawa. Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerinta na farko na muhimman magunguna, kimanin 200, domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su san inda za su zuba ɗan abin da suke da shi.

Su wa suke tsara jerin? Hannu biyu ne a ciki, kuma ya kamata mai karatu ya san da su duka. Hannu na farko kwamiti ne na likitoci da masu harhaɗa magunguna, wanda yake duba sakamakon bincike ya ce wannan magani yana aiki, wancan bai fi shi ba, wannan kuma yana da illa ga tsofaffi. Hannu na biyu na 'yan ciniki ne. Akwai kamfanonin dillanci da suke tsakanin inshora da masu sarrafa magani, kuma uku daga cikinsu, wato CVS Caremark da Express Scripts da Optum Rx, su ne suke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na takardun maganin da ake biya a ƙasar. Dillalin yakan ce wa mai sarrafa magani, idan ka yi mana rangwame mai kauri za mu sa naka a gaba, mu tura na abokin hamayyarka baya ko mu cire shi ɗungurungum. Saboda haka matsayin magani a jeri ba shaida ba ce ta cewa ya fi wani kyau ko muni. Sau tari shaida ce kawai ta yadda ciniki ya kaya a wannan shekarar. A ganina wannan shi ne babban raunin tsarin, domin mara lafiya ba ya ganin cinikin, sakamakonsa kawai yake gani a kan kanta.

Doka ta ɗan ɗaure hannun kamfanonin. A Part D, dole ne jeri ya ƙunshi aƙalla magunguna biyu daga kowane dangi. Akwai kuma dangi shida da aka keɓe, waɗanda dole a biya kusan dukkan magungunan da ke cikinsu: na ciwon daji, na cutar ƙanjamau, na farfaɗiya, na ciwon damuwa, na taɓin hankali, da waɗanda ake ba wa wanda aka yi wa dashen ƙoda ko wata gaɓa don kada jikinsa ya ƙi ta. Hikimar a bayyane take. A waɗannan cututtuka, canza wa mutum maganin da ya riga ya zauna masa yana iya jawo abin da ba a fata.

Yanzu ga batun aji. Shigar magani cikin jeri ba ta nufin kyauta ne. Mara lafiya yana biyan wani kaso, kuma ajin da aka sa maganin shi ne yake nuna nawa ne kason. Yawancin kamfanonin Part D aji biyar suke amfani da shi, ana rubuta su `Tier 1` zuwa `Tier 5`. Aji na 1 da na 2 na magungunan gama-gari ne, wato waɗanda wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kamfanoni da yawa suna yin su, ana sayar da su da sunan sinadarin da ke ciki. Nan za ka samu su amlodipine na hawan jini da metformin na ciwon suga, kuma abin da mutum yake biya ɗan kaɗan ne, wani lokaci ma ba ya biyan ko sisi. Aji na 3 na magunguna masu sunan kamfani ne waɗanda inshorar ta fifita, galibi saboda rangwamen da na ambata. Aji na 4 na waɗanda ba ta fifita ba ne: za ta biya, amma tana so ka ji nauyin a aljihunka har ka tambayi likita ko akwai wani. Aji na 5 na magunguna na musamman ne masu tsananin tsada, irin na ciwon daji da wasu allurai.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne yadda ake lissafin kason. A ƙananan aji, kuɗi ne tsayayye: dala kaza a wata, ko farashin maganin ya hau ko ya sauka. A manyan aji kuwa, sau da yawa kaso ne cikin ɗari na farashin. Bari mu ƙaddara lissafi don a gani. A ce maganin aji na 1 dala 5 ake biya a wata, a shekara dala 60 ke nan. A ce kuma ɗan uwansa yana aji na 4, farashinsa dala 250 a wata, kason mara lafiya kashi 40 cikin 100. Dala 100 ke nan a wata, dala 1,200 a shekara. Duka biyun "suna cikin jeri", amma ɗaya ya ninka ɗaya sau ashirin. A aji na 5, kason yakan kasance tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin 100, kuma rubu'in maganin dubban daloli ba ƙaramin kuɗi ba ne. Shi ya sa gyaran dokar da aka yi a 2022 ya yi wa tsofaffi amfani ƙwarai. Daga 2023 insulin da ke cikin jeri ba ya wuce dala 35 a wata, kuma a 2025 an sa iyaka ta dala 2,000 ga abin da mutum zai biya daga aljihunsa a shekara, iyakar da ake ɗan ɗaga ta kowace shekara. Sai dai a lura da kyau: abin da aka kashe a kan magungunan da inshorar ta amince da su ne kawai yake shiga wannan lissafi. Wanda ya sayi maganin da ba ya jeri da kuɗinsa ba tare da ya nemi amincewa ba, ko dala ɗaya ba za a ƙirga masa ba.

Wanda ya buɗe jerin zai ga wasu haruffa a gaban sunayen wasu magunguna. `PA` na nufin sai likita ya nemi izini tukuna, ya yi bayanin dalilin rubuta shi. `ST` na nufin sai an fara gwada mai araha an ga bai yi ba kafin a hau zuwa wannan. `QL` na nufin akwai iyakar adadi, misali ƙwaya 30 a kwana 30. Duk maganin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan yana cikin jeri, amma kwamfutar kantin za ta ƙi shi idan ba a cika sharaɗin ba, kuma ma'aikacin da layi ya yi wa yawa yana iya taƙaita maganar ya ce "ba a biya".

Don haka tambaya ta farko, tun mutum bai bar gaban kanta ba, ita ce: me kwamfutar ta rubuta? Kowane ƙin amincewa yana zuwa da lamba. Lamba `70` tana nufin inshorar ba ta ɗaukar maganin, misali saboda ba ya cikin jeri. Lamba `75` tana nufin ana buƙatar izini. Lamba `76` tana nufin an wuce wata iyaka ta adadi ko ta kwanaki. Lamba `79` kuwa tana cewa ne kawai an yi saurin dawowa, wanda aka karɓa bai kamata ya ƙare ba tukuna, idan lokacinsa ya yi za ta amince. Mutum ya roƙi mai kantin ya rubuta masa lambar da bayanin da ke tare da ita a takarda, domin ita zai kai wa ofishin likita. Likitan da aka ce wa "sun ƙi" ba ya san ta ina zai fara ba. Wanda aka kawo wa lamba kuwa, ya san takardar da zai cike.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Mu ƙaddara wani dattijo mai shekara 68, mazaunin Bronx a birnin New York, yana da hawan jini. Shekarun baya an sa shi a kan lisinopril, ya kamu da busasshen tari wanda ya hana shi barci, abin da aka san dangin wannan magani da shi. Aka mayar da shi kan losartan, aka ƙara masa har miligiram 100 a rana, wanda shi ne ƙarshen abin da ake bayarwa, tare da amlodipine miligiram 10. Wata uku yana sha ba fashi, amma awon jininsa yana yawo wajen 160 bisa 95. Likita ya cire losartan ya rubuta azilsartan miligiram 40, wanda ake sayarwa da sunan Edarbi. 'Yarsa ta je karɓa, kwamfuta ta fito da lamba `70`.

Abu na farko da za ta duba shi ne ko mahaifin nata sabon shiga ne a wannan kamfani kuma dama yana shan maganin. Da haka ne, doka ta ba shi damar karɓar maganin wata ɗaya na wucin gadi a cikin kwana 90 na farko, don kada ya yanke kafin a daidaita. A namu misalin maganin sabo ne gare shi, don haka wannan ƙofa ba tasa ba ce. Abin da zai yi a daren nan shi ne ya ci gaba da shan abin da yake sha, kada ya ajiye losartan yana jiran wanda bai zo hannu ba, sannan a kira ofishin likita da safe.

Hanya mafi sauri, wadda kuma take warware yawancin irin wannan matsala, ita ce a tambayi likita ko akwai ɗan dangin maganin a cikin jeri da zai iya maye gurbinsa. Azilsartan da losartan dangi ɗaya ne, kuma a dangin akwai valsartan da telmisartan da olmesartan da irbesartan, waɗanda yawanci suna aji na 1 ko na 2. Likita ba ya haddace jerin kamfanoni goma da marasa lafiyarsa suke ciki, sau da yawa abin da ya saba da shi yake rubutawa. Idan 'yar ta kai masa shafin jerin inda aka lissafa wannan dangi, yana iya dubawa ya ce olmesartan ma zai yi, ya aika sabuwar takarda kantin kafin azahar. Babu wata ƙara, babu jira.

A nan akwai bambancin da bai kamata a rikita ba. Musanya magani mai sunan kamfani da na gama-garinsa, sinadari ɗaya ƙarfi ɗaya, abu ne da mai harhaɗa magunguna yake iya yi da kansa a mafi yawan lokuta. Musanya wani sinadari da ɗan danginsa kuwa hukuncin likita ne, domin miligiram ɗinsu ba ɗaya ba ne. Miligiram 40 na wannan ba daidai yake da miligiram 40 na wancan ba, kuma bayan canji ana so a sake auna jini, a kuma duba ƙoda da sinadarin fotasiyam bayan mako ɗaya ko biyu. Akwai ma magungunan da ko canjin kamfani kawai yana buƙatar sa ido, kamar warfarin mai tsinka jini, da levothyroxine na maƙoƙo, da wasu na farfaɗiya irin su phenytoin, saboda tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa 'yar kaɗan ce.

To, a ce an gwada olmesartan, bayan wasu watanni dattijon ya kamu da gudawa mai tsanani yana ramewa, illar da ba ta da yawa amma an san ta da wannan magani. An gwada telmisartan, jinin bai sauka ba. Yanzu likita yana da hujjar neman a keɓe wa wannan mara lafiya, a biya masa azilsartan duk da ba ya jeri. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: ƙin da kwamfutar kanti ta yi ba hukuncin kamfani ba ne a idon doka. Ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Sai mara lafiya, ko wakilinsa, ko likitansa ya tuntuɓi kamfanin ya nemi hukunci a hukumance, wanda a takardunsu ake kira `coverage determination`, a ƙarƙashinsa kuma ya nemi `formulary exception`. Lambar wayar tana bayan katin inshora.

Daga nan agogo yake fara aiki, amma ba daga lokacin da aka kira waya ba. Yana farawa ne daga lokacin da bayanin likita ya isa hannun kamfanin. Daga nan suna da sa'a 72 su ba da amsa. Idan likita ya ce jira zai jefa rai ko lafiyar mutum cikin haɗari, sa'a 24 ce. Wannan gaɓa ita ce inda aka fi samun cikas. Iyali sun kira kamfani, sun koma suna jira, mako ya wuce shiru, ashe takardar likita tana nan a kan tebur ba a aika ba. Don haka kashegari a kira ofishin likita a tambaya ko an tura, a kira kamfanin a tambaya ko ta iso, a kuma rubuta ranar da sa'ar da lambar da aka ba wa buƙatar.

Me ake so bayanin likitan ya ƙunsa? Abin da doka ta nema shi ne ya nuna cewa magungunan da ke cikin jeri ba za su yi wa wannan mutum aiki kamar wanda aka rubuta ba, ko kuma za su cutar da shi. Takardar da ta ce "mara lafiyata yana buƙatar wannan magani" kawai, da wuya ta wuce. Wadda take wucewa ita ce mai tarihi: lisinopril, daga wata kaza zuwa wata kaza, an daina saboda tari. Losartan miligiram 100 tare da amlodipine miligiram 10, wata uku, ga awon jini na kowane zuwa. Olmesartan, an daina saboda gudawa da ramewa. Telmisartan, ga adadi, ga awo. A nan iyali suke da babbar rawa. Wanda yake da ɗan littafi a gida inda yake rubuta awon jini safe da yamma, da ranar da aka fara kowane magani da ranar da aka daina, ya riga ya rubuta wa likita rabin takardar. Idan kuma an gwada wani magani ne a wani asibiti, ko ma a gida Najeriya ko Nijar ko Gana kafin a zo, a faɗa wa likita ya sa a ciki. Tsohon kwalin magani ko tsohuwar takardar asibiti suna da amfani a nan.

Idan an amince, amincewar takan tsaya har ƙarshen shekarar inshorar, kuma kamfanin ne yake zaɓar ajin da zai caji maganin a kai, galibi aji mai tsada. Ba a kuma sake neman a sauko da shi. Neman sauke aji hanya ce daban, ta maganin da yake cikin jeri tun asali amma a aji na 4, alhali 'yan uwansa da ke ƙasa ba su yi wa mutum ba. Wannan ma ana nema da bayanin likita, sai dai kamfanoni suna da damar ƙin yin sa ga magungunan aji na 5.

Idan an ƙi, dole ne a aiko da takarda mai ɗauke da dalili. A karanta dalilin da kyau, domin sau da yawa yana nuna abin da ya rage: ba a ga shaidar an gwada kaza ba, ko ba a rubuta tsawon lokacin gwajin ba. Mutum yana da kwana 65 daga ranar da ke kan takardar ya nemi kamfanin ya sake dubawa, kuma wani ne daban zai duba, ba wanda ya yanke hukuncin farko ba. Amsa tana zuwa cikin kwana 7, ko sa'a 72 idan na gaggawa ne. Idan sun sake ƙi, mutum yana iya neman a fitar da magana daga hannun kamfanin zuwa wata hukuma mai zaman kanta, bayanta kuma akwai wasu matakai uku har zuwa kotun tarayya. Da wuya maganin hawan jini ya kai can. Amma matakin farko da na biyu ba sa cin ko sisi, kuma barin su asara ce.

Akwai inda duk wannan ba ya aiki. Wasu magunguna doka ce da kanta ta cire su daga Part D, ba kamfani ba: magungunan da ake saya ba da takardar likita ba, yawancin bitamin, magungunan gyaran jiki da tsiro da gashi, da na neman haihuwa. Ga waɗannan, takardar likita komai kyanta ba za ta sauya hukunci ba. Gara a tambaya tun farko ko maganin ba ya jeri ne, ko kuwa yana cikin waɗanda doka ta cire, don kada a ɓata makonni a kan abin da ba shi da ƙofa. A irin wannan hali sai a koma ga kwatanta farashi tsakanin kantuna, wanda yakan bambanta ƙwarai, ko shirin tallafin da wasu masu sarrafa magani suke yi wa masu ƙaramin ƙarfi.

Sannan jerin ba ya zama yadda yake. Kowace shekara ana sake shi: maganin da yake aji na 3 bana yana iya komawa na 4 baɗi, ko a cire shi. Kamfani yana aiko da takardar sanarwar canje-canje kafin ƙarshen Satumba, kuma daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba kowa yana da damar sauya kamfani. Dattijon namu, idan an amince masa kuma aka ga azilsartan ne yake riƙe masa jini, abin da ya fi masa shi ne a zauna a wannan lokaci a shigar da sunayen dukkan magungunansa a shafin Medicare.gov, a ga kamfanin da ya sa su a jeri da kuma jimillar abin da zai biya a shekara. Kamfanin da kuɗin watansa ya fi araha ba lallai ne ya fi sauƙi ba idan aka haɗa da kuɗin magani.

A gida Najeriya tushen ɗaya ne, siffar ce ta bambanta. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, tana da jerin magungunanta, kuma an rubuta shi ne da sunayen sinadarai, ba da sunayen kamfanoni ba. Babu aji biyar. Ma'aikacin da ke cikin tsarin yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da ke jeri. Jihohi ma suna da hukumominsu, kamar KSCHMA a Kano, kamfanonin inshora masu zaman kansu kuma suna sayar da tsari hawa-hawa, kowanne da abin da yake ɗauka. Matsala biyu ce ta fi yawa a wurinmu. Ta farko, likita ya rubuta sunan kamfani, a ce babu shi a jeri, alhali sinadarin yana nan. Mutane da yawa suna ɗaukar mai sunan kamfani shi ne orijinal, sauran kuma jabu ne, wanda ba haka ba ne: na gama-garin da ke da rajistar NAFDAC, aka kuma same shi ta hanya mai kyau, magani ne cikakke. Ta biyu, maganin yana cikin jeri amma a ce ya ƙare a ɗakin maganin asibiti, a tura mutum kemis ya saya da kuɗinsa. Waɗannan abu biyu ba ɗaya ba ne, kuma kalmar "babu" tana rufe su duka.

Saboda haka tambayar da ake yi a kantin Bronx ita ce ake yi a tagar ɗakin magani a Kano ko Kaduna. Ba ya cikin jeri ne, ko yana buƙatar izini daga kamfanin inshora, ko ƙarewa ya yi? Idan ba ya jeri, a koma wurin likita a tambaye shi sunan sinadarin da kuma ɗan danginsa da ke ciki. Idan ƙarewa ya yi, a nemi a rubuta hakan a kan takardar, a je teburin inshora na asibitin, a kira lambar da ke kan kati kafin a saya a waje, a kuma adana rasit. Duk wanda yake shan maganin yau da kullum, na hawan jini ko na suga ko na farfaɗiya, ya fara wannan bibiya tun yana da sauran na mako guda a hannu, kuma kada ya rage adadi ko ya riƙa tsallake rana don maganin ya daɗe ba tare da likita ya sani ba.